Mai gida ya rasu: wa za a ba kuɗin haya?

Ba a daɗe da share makoki ba, sai saƙo ya shigo wayar 'yan haya a wani gida da ke Tudun Wada, Gusau: "Assalamu alaikum. Ni ce babbar 'yar marigayi. Daga yanzu a riƙa turo kuɗin haya ta wannan asusun." A Tsafe ko Bunguɗu wataƙila da baki za a aiko, ta hannun wani ƙane, amma maganar ɗaya ce.

Kafin ɗan haya ya tura ko sisi, ya sani cewa zama 'yar marigayi bai mayar da ita mai gidan ba. Muddin ba a raba gado ba, gidan da abin da yake kawowa na magada ne gaba ɗaya. Mu ɗauka hayar naira 240,000 ce a shekara, marigayin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya. Matar tana da tumuni, wato 30,000. Sauran 210,000 a kasa bakwai: kowane namiji 60,000, kowace mace 30,000. Ke nan wadda ta aiko da saƙon 30,000 ne nata, ragowar amana ce a hannunta, in ma an damƙa mata.

Shi ya sa saƙon kirki yake fara faɗin wanda ya wakilta ta. Ko dai takardar da magada suka sa wa hannu a gaban shaidu, mai unguwa na ciki, ko takardar kotun shari'ar Musulunci da ke riƙe da rabon gadon. In akwai marayu ƙanana, ta kotun ta fi kwanciyar hankali. Sannan sunan da ke kan asusun ya zama shi ne na cikin takardar, kuma ta ce za ta ba da rasit. Ta kuma hana a ci gaba da zubawa a asusun marigayin, domin da zarar banki ya ji labarin rasuwa yakan rufe shi, fitar da kuɗin kuma sai an sha zirga-zirga.

Abin da magada suka fi mantawa shi ne, a mazhabar Malikiyya mutuwar mai gida ba ta warware yarjejeniyar haya. Wanda ya biya marigayin kuɗin shekara, saura wata biyar, zai cinye watanninsa a kan tsohon farashi. Matsalar ita ce yawancin dattawanmu da baki suke ƙulla haya, sai dai wani ɗan littafi a aljihun babbar riga. Don haka tun a saƙon farko ya kamata ta nemi kowa ya kawo rasit ko shaidarsa a daidaita lissafi.

In kuwa marigayin mata biyu ya bari, saƙo biyu kuma suka zo, ɗaya daga ɗakin uwargida, ɗaya daga na amarya, kowa da lambar asusunsa, kada ɗan haya ya zaɓi ɓangare, don yana iya biya sau biyu. Ya riƙe kuɗinsa, ya sanar da su duka a rubuce, ya je wajen alƙali ya tambayi hannun da zai sa su.