Jikan da mahaifinsa ya riga kaka rasuwa: ina rabonsa?

Dattijo ya rasu ya bar 'ya'ya maza uku, da jika wanda mahaifinsa ya riga tsohon cikawa. Ranar rabon gado sai malam ya ce jikan ba shi da kaso, ko da a hannun kakan ya tashi.

Dalili shi ne gado ba ya tabbata sai ga wanda yake raye lokacin da mai dukiya ya rasu. Ɗan da ya riga mahaifinsa tafiya bai mallaki komai ba, balle ya bar wa nasa ɗan. Sannan ga hajabu, wato na kusa ya katange na nesa, don haka baffa ɗaya tak ya isa ya tare ɗan ɗan'uwansa. Da 'ya'ya mata kaɗai tsohon ya bari, jikan nan ne zai kwashe ragowa. 'Ya'yan 'ya mace kuwa zawil arhami ne, ba su da yankakken kaso tun asali.

A 1946 Masar ta kafa Dokar Wasiyya mai lamba 71, ta shigo da wasiyya wajiba. Ta dogara da aya ta 180 a Suratul Baƙara da fahimtar Ibn Hazm, cewa wasiyya ga dangin da ba sa gado wajibi ce. Kakan ya yi ko bai yi ba, kotu za ta cire wa jikan abin da mahaifinsa ko mahaifiyarsa za su samu da suna raye, muddin bai haura sulusi ba.

A ce bayan biyan bashi an bar 1,200,000. Za a lissafa kamar 'ya'yan huɗu ne, jikan ya karɓi 300,000, baffanni su raba 900,000. Amma da baffan ɗaya ne, rabon mahaifin zai kai 600,000, sai a tsaya a kan sulusi, 400,000. In kakan ya riga ya yi wa jikan kyautar da ta kai haka, shi ke nan. In ta gaza, a cika masa.

Siriya ta bi sahu a 1953, amma ta taƙaita ga 'ya'yan ɗa namiji. Maroko ma haka ta fara, sai a 2004 ta haɗa da 'ya'yan 'ya mace. Malamai da dama sun ƙi tsarin, suna cewa gado ne aka canja wa suna, tunda jumhuru na ganin ayoyin gado sun shafe wajibcin wasiyya.

Malikiyyar da alƙalanmu ke bi ba ta tilasta wannan wasiyya. A ganina, a nan nauyin yana kan kaka tun yana da rai. Yana iya yi wa jikan wasiyya cikin sulusi a gaban shaidu, tunda ba magaji ba ne, ko ya ba shi kyauta yana cikin ƙoshin lafiya. Sai dai kyautar gona ko gida ga jika baligi, in bai karɓa a hannunsa ba har kakan ya rasu, ta ɓaci, ta koma cikin gado.