Kwalin Digiri Zai Tsallaka Iyaka: Wa Zai Buga Masa Hatimi?

A ɗauka wata malama ce ta gama digirin lissafi a wata jami'a a Kano, ta kuma samu aikin koyarwa a wata makaranta a Dubai. Takardar ɗaukar aiki ta iso, amma da sharaɗi guda: sai ta kawo kwalin digirinta an tantance shi, kafin a nema mata izinin aiki. Ta tambayi wani ejan, ya ce ta kawo kuɗi a yi mata afostil. To, a nan mutane da yawa suke fara ɓata hanya, domin kwalin da jami'ar Najeriya ta bayar ba a yi masa afostil. Wata hanya dabam gare shi, mai ɗan tsawo.

Jami'in da ke zaune a ofis a Dubai bai taɓa ganin sa hannun magatakardar wata jami'ar Kano ba, ba shi da yadda zai bambance na gaskiya da na jabu. Abin da ya sani shi ne hatimin ofishin jakadancin ƙasarsa. Shi kuma ofishin jakadancin da ke Abuja ya san sa hannun jami'an Ma'aikatar Harkokin Wajen Najeriya. Ita wannan ma'aikatar ta san na Ma'aikatar Ilimi, Ma'aikatar Ilimi kuma ta san jami'o'in da aka amince da su. Wanda ya yi karatun hadisi zai gane abin nan take, kamar isnadi ne: kowane mai ruwaya yana shaidar wanda ya karɓa daga gare shi, in aka rasa mutum ɗaya a tsakiya sai silsilar ta yanke.

Afostil gajeriyar hanya ce da aka ƙirƙiro don a rage wannan zirga-zirga. Ranar 5 ga Oktoba 1961 aka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Heg na ƙasar Holan, ta fara aiki a 1965. Ƙasashen da suka shiga sun yarda cewa takarda guda daga hukumar da ƙasar asali ta naɗa ta wadatar, ba sai an je ofishin jakadanci ba. Takardar tana da siffa sananniya: layuka 10 masu lamba, ciki har da sunan ƙasa, sunan wanda ya sa hannu a kwalin da muƙaminsa, wurin da aka tantance da rana da lambar rajista. A samanta kuma dole a rubuta take da Faransanci, ko da wane yare aka rubuta sauran: Apostille (Convention de La Haye du 5 octobre 1961). Ƙasashe sama da 120 ne a ciki. Birtaniya da Turkiyya da Indiya sun daɗe da shiga, Saudiyya ta fara aiki da ita a Disamba 2022, Sin a Nuwamba 2023, Kanada a Janairu 2024.

Sai dai yarjejeniyar tana aiki ne kawai in ƙasar da ta ba da kwalin da ƙasar da za a kai shi duk suna ciki. Najeriya ba ta ciki. Saboda haka babu wata hukuma a Abuja da ke da ikon buga afostil, kuma shigar Saudiyya ba ta sauya komai ba ga mai kwalin Najeriya da ke son aiki a Riyad. Ejan da ya ce zai samo wa kwalin Najeriya afostil, ko dai kalmar yake amfani da ita barkatai yana nufin tantancewar ofishin jakadanci, ko kuma takardar da zai kawo ba za ta yi amfani ba. Ya kamata a sa shi ya faɗi sunan hukumar da za ta buga hatimin kafin a ba shi ko sisi.

Mu koma kan malamarmu. A ganina, matakin da ya fi kowanne amfani shi ne wanda ba a biyan kuɗi a kansa: ta rubuta wa makarantar da ta ɗauke ta aiki, ta kuma tuntuɓi ofishin jakadancin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ke Abuja, ta ji ainihin abin da suke so. Kwalin kaɗai ne, ko har da takardar sakamakon darussa na kowace shekara? A kan na asali za a buga hatimi, ko a kan kwafi? Ana bukatar fassara zuwa Larabci? Wasu ƙasashen yankin, kamar Katar, sukan ƙara neman wasiƙa daga jami'a mai bayyana yadda aka yi karatun, wato a aji aka zauna ko daga nesa aka yi. In ba ta san wannan tun farko ba, za ta iya gama zagayen Abuja sannan a ce ta koma Kano ta ɗauko wasiƙa, ita ma wasiƙar ta bi duk ofisoshin daga farko.

Daga nan sai jami'a. Ta tabbatar kwalin na ainihi ne a hannunta, domin takardar wucin gadi da ake ba ɗalibi kafin kwali ya fito ba kowane ofis yake karɓarta ba. Ta nemi takardar sakamakon darussa a ofishin magatakarda. Wannan shi ne abin da ya fi cin lokaci a yawancin lokuta, musamman ga wanda ya daɗe da gama karatu, don haka shi ya kamata a fara nema tun kafin aikin ya tabbata.

Sai Abuja. Ofis na farko shi ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a Sakatariyar Tarayya. A nan ake duba ko jami'ar tana cikin waɗanda aka amince da su, kuma ana iya komawa ga jami'ar don ta tabbatar ita ta ba da kwalin. Kuɗin gwamnati ta manhajar Remita ake biya, a riƙe rasit. Yawanci kowace takarda kuɗinta dabam, kwali dabam, sakamako dabam. Bayan an buga hatimi an sa hannu, sai Ma'aikatar Harkokin Waje da ke ginin Tafawa Balewa, inda za a shaida sa hannun jami'in Ma'aikatar Ilimi. Ba a juya wannan tsari. Wanda ya fara zuwa Harkokin Waje za a mayar da shi, don babu sa hannun da za su shaida tukuna.

Na uku a Abuja shi ne ofishin jakadanci, shi ma da kuɗinsa da ƙa'idarsa ta karɓar takardu. A Daular Larabawa kuma akwai ragowar mataki guda bayan an isa can: Ma'aikatar Harkokin Wajensu ita ma takan tantance hatimin ofishin jakadancinsu. Sai da wannan takardar malamarmu za ta cika, makarantar ta iya shigar da ita wajen neman izinin aiki.

Abin da ya fi tsayar da mutanenmu a wannan hanya ba hatimi ba ne, suna ne. Malamarmu a kwali an rubuta Aisha Muhammad, a fasfo kuma Aishatu Mohammed, wataƙila har da sunan garinsu a ƙarshe, kamar yadda aka saba sa wa yara tun a firamare. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da bai san al'adarmu ba kuwa, sunaye biyu yake gani. Haka in mace ta ɗauki sunan miji bayan ta gama karatu. Maganin da aka saba shi ne takardar rantsuwa daga babbar kotu mai cewa sunayen na mutum ɗaya ne, wani lokaci da sanarwa a jarida. Sai dai ita ma takardar rantsuwar, in za ta yi aiki a waje, tana bukatar nata hatimin na Harkokin Waje da na ofishin jakadanci. Gara mutum ya shimfiɗa kwali da fasfo a tebur ya bi su harafi bayan harafi tun kafin ya hau motar Abuja.

Sai batun leda. Da yawa daga cikinmu, da zarar kwali ya fito, sai mu kai shago a liƙe shi da leda don gudun ruwa da gara. Niyyar mai kyau ce, amma tawadar hatimi ba ta zama a kan leda, kuma mai dubawa ba ya iya taɓa takardar ya ji tambarin da aka danna mata. Ofisoshi da dama kan ƙi karɓar irin wannan. Ɓare ledar kuma yakan tafi da rubutun, jami'o'i kuwa ba kasafai suke sake ba da kwali na biyu ba. Jakar takardu mai kyau ta isa ajiya. Bayan an gama tantancewa ma, kada a cire ƙusar da aka haɗa takardun da ita don a yi kwafi, saboda rabuwarsu na iya sa a yi zargin an musanya wani shafi.

Akwai kuma 'yan'uwanmu masu yawa da suka yi karatu a waje, su ne afostil ya shafa kai tsaye. Ƙa'idar ita ce ana tantance takarda a ƙasar da ta ba da ita. Ɗan Katsina da ya yi digiri a Indiya, ya samu aiki a Saudiyya, Ma'aikatar Harkokin Wajen Indiya ce za ta buga wa kwalinsa afostil, bayan an tabbatar da shi a matakin jihar da jami'ar take. Fasfonsa na Najeriya ba ya hana hakan, asalin takardar ake dubawa. Amma in wannan kwalin zai kawo gida Najeriya, ko zai kai Dubai, afostil kaɗai ba ta isa, tunda ƙasar da za ta karɓa ba ta cikin yarjejeniyar. Sai an bi ta ofishin jakadancinta da ke Indiya. Shi ya sa nake ba duk ɗalibin da ke shirin dawowa shawara ya gama wannan aiki kafin bizarsa ta ƙare. Yin sa daga nesa ta hannun wakili ya fi tsada, ga kuma fargabar aika kwali na asali ta hanyar saƙo.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne a gama duk wannan sannan a ce akwai saura. Dalili kuwa, afostil da hatimin ofishin jakadanci abu ɗaya suke shaidawa: sa hannun da tambarin na gaskiya ne, wanda ya sa hannun kuma yana da ikon yin haka. Ba sa cewa digirin ya yi daidai da na ƙasar da aka je. Wannan hukunci na wasu hukumomi ne. Malamarmu za a iya nema ta kai kwalinta ga hukumar ilimi ta can don a daidaita shi da nasu. Likita ko ma'aikaciyar jinya mai zuwa Saudiyya sai ta bi ta hukumar lasisin ma'aikatan lafiya, wadda ke amfani da kamfanin DataFlow ya tuntuɓi jami'ar kai tsaye. Jami'o'in Birtaniya da Kanada kuwa, galibi ba sa neman hatimin ofishin jakadanci wajen ba da gurbin karatu. Abin da suke so shi ne jami'ar da aka gama ta aiko musu da sakamako da kanta, ko ta aika wa kamfanin tantancewa irin WES. Wanda zai je can ya kashe kuɗi a kan hatimai uku na Abuja ba tare da an nema ba, zai iya isa ya tarar babu wanda ya juya bayan kwalin ya duba su.