Yadda wata ɗiya ta koya wa mahaifiyarta ɗaukar hoton fuskar waya suna kan layi

Duk wanda ke zaune a ƙasar waje kuma yana da iyaye a gida ya san irin wannan kiran. Saƙo ya shigo wayar tsohuwa da Turanci, ta tsinci sunan banki a ciki, hankalinta ya tashi. Tana ƙoƙarin karantawa, lambobi na cakuɗe mata, shi kuma ɗan yana can nesa yana cewa, "Ki ɗauki hoton fuskar wayar ki turo mini." Daga nan ake fara wahala, domin aikin da yaro ke yi cikin ƙiftawar ido yakan ci rabin sa'a idan tsakanin ɗa da uwa ne a waya.

Wata malamar jinya da ke aiki a Ingila, mahaifiyarta kuma tana Kano da waya ƙirar Tecno, ta daina bayani da baki ana tsakiyar kira. Sai ta rubuta takarda, ta tura wa ƙaninta ya kwafe da manyan baƙaƙe, aka ajiye a ɗakin tsohuwa. Dalilin sa ta a takarda a fili yake: idan bayanin yana cikin wayar, sai an bar saƙon da ake son ɗauka kafin a karanta shi. Ga abin da ta rubuta:

"Umma, barka da wuni, da fatan kuna lafiya. Idan na kira na ce ki ɗauki hoto, ki bi wannan a hankali, babu abin da zai lalace. Da farko ki cire wayar daga kunnenki, ki taɓa alamar lasifika, ki ji muryata ta fito waje. Sai ki taɓa alamar tsakiya da ke can ƙasan fuskar wayar. Kira ba zai yanke ba, ina nan. Ki buɗe saƙon da kike son in gani, ki bar shi a buɗe. A gefen dama akwai maɓalli dogo na ƙara, da gajere na kunna waya a ƙasansa. Ki ɗora yatsa ɗaya a ƙasan dogon, ɗaya a kan gajeren. Zan ƙirga ɗaya, biyu, uku. A kan uku ki matse su tare, ki saki. Idan fuskar wayar ta yi walƙiya, ƙaramin hoto ya bayyana, an gama. Ki ce mini kin gani."

Matakin lasifika shi ne wanda yawancin 'ya'ya ke mantawa, alhali shi ne tushen aikin. A saman fuskar waya akwai wata 'yar na'ura mai gane kusancin jiki. Da zarar an kai waya kunne ana cikin kira, sai ta kashe hasken fuskar don kada kumatu su danna wani abu. To, tsohuwa ta sauke waya ta duba, ta mayar kunne don ta ji umarni na gaba, fuska ta yi duhu, ta sake saukewa, ta rasa inda ta tsaya. Wani lokacin ma tafin hannunta ne ke rufe saman wayar, sai ta ce waya ta mutu. Idan an kunna `Speaker` tun farko, ido da kunne suna aiki tare.

Sai batun matse maɓallai biyu, inda ake yawan faɗuwa. Abin daɗin shi ne kowane kuskure yana da alamarsa, kuma wanda ke nesa zai iya gane shi daga bakin mahaifiyarsa. Idan ta ce muryarka ta ragu, ko wani layi ya fito a gefe, yatsan rage ƙara ne ya riga sauka. Idan ta ce fuskar ta yi baƙi amma tana jin ka, na kunnawa ne ya riga, sai ta sake taɓa shi sau ɗaya ta buɗe wayar. Idan rubutun `Power off` da `Restart` suka fito, ta riƙe na kunnawa ya daɗe, sai a ce kada ta taɓa ko ɗaya, ta danna alamar komawa baya. Idan kuwa kiran ya yanke kowane lokaci, a duba cikin `Settings`, ɓangaren `Accessibility`, ko an kunna `Power button ends call`, a kashe shi. Kada kuma a bar ta ta riƙa danna maɓallin kunnawa a jere cikin sauri don haushi, saboda a wayoyi da yawa danna shi sau biyar yana tayar da kiran gaggawa.

Ba kowane hannu ne ke iya wannan matsa ba. Mai ciwon gaɓoɓi ko rawar hannu, gara a nema masa wata hanya. A yawancin wayoyin Tecno da Infinix ana jan yatsu uku daga sama zuwa ƙasa a kan fuskar wayar, in dai an kunna tsarin. Wasu kuma suna da alamar `Screenshot` a cikin jerin da ke saukowa idan an ja saman fuskar. Ni dai a ganina, a zaɓi hanya ɗaya tak a rubuta. Takardar da ta ce "ko ki yi kaza, ko kuma kaza" rikita mai karatu take yi.

A kuma rubuta ta bisa wayar da ke hannun iyaye. Ɗan da ke riƙe da iPhone ya saba da maɓallin gefe da na ƙara sauti, wato na sama. Idan ya faɗa wa mai Android haka, za su kwana suna gwadawa, don ita na rage sauti take buƙata. Kafin ka rubuta komai, ka sa wani a gida ya ɗauko maka hoton gefen wayar ka ga inda maɓallan suke.

Ɗaukar hoton rabin aiki ne, saura turawa. Takardar ta ci gaba da cewa: "Ki buɗe WhatsApp, ki shiga sunana, ki taɓa alamar da ke kusa da wurin rubutu mai kama da lanƙwasasshiyar waya, ki zaɓi `Gallery`. Hoton farko shi ne. Ki taɓa shi, ki danna koren kibiya." Idan kiran na WhatsApp ne, hoton zai tafi ana magana. Idan kiran layi ne na kati, a wasu wurare intanet yana tsayawa har sai an ajiye waya, don haka alamar agogo a jikin hoton ba ta nufin an yi kuskure.

Akwai lokacin da Umma za ta yi komai daidai amma hoto ya ƙi. Manhajojin bankuna da yawa suna hana ɗaukar hoton fuskarsu da gangan, sai waya ta nuna gargaɗi ko ta ba da baƙin hoto. Haka hoton WhatsApp da aka turo don a gani sau ɗaya. Wayar da ta cika maƙil da bidiyon biki da wa'azi ma takan kasa ajiye sabon hoto. A irin wannan, a ari wayar jika a ɗauki hoton fuskar da kyamara.

Layin ƙarshe na takardar shi ne wanda na fi so kowa ya kwafa: "Wannan aikin tsakanina da ke ne kawai." Hoton fuskar waya yana kwashe duk abin da ke bayyane, har da ragowar kuɗin asusu da lambar sirrin da banki ke turowa, mai suna OTP. 'Yan damfara kan kira da sunan ma'aikatan banki su ce a turo musu hoton saƙon. Don haka idan za ka koya wa iyayenka wannan aiki, ka rubuta musu ƙarara cewa saƙon da ke ɗauke da OTP, BVN ko NIN ba a ɗaukar hotonsa a tura wa baƙo, ko da ya rantse cewa daga banki yake.