Gyaran Rubutu Daban, Ɓoye Satar Fasaha Daban

Duk mai taimaka wa ɗaliban jami'a da gyaran rubutu ya san irin wannan saƙon: "Malam, ga aikina, a taimaka a sake rubuta mini shi yadda na'ura ba za ta kama ba." Sai ka buɗe ka tarar da rubutun kaɗai, babu takardar umarnin da malamin darasin ya bayar. Buƙatu biyu ne a saƙo ɗaya. Ta farko tana da hanya, ta biyu kuwa mai gyara na ƙwarai ba ya karɓarta.

Takardar umarni ita ce ma'aunin da za a auna aikin da shi. A cikinta ake samun ainihin tambayar, da yawan kalmomin da ake so, da salon kawo madogara, APA ne ko MLA, da yadda za a raba maki. A ɗauka ɗaliba ta rubuta shafi biyar kan kwararowar hamada. Idan malami ya ce a bayyana musabbabanta, jera sare itatuwa da yawan kiwo da ƙarancin ruwan sama ya wadatar. Idan kuwa cewa ya yi a kwatanta matakan da Najeriya da Nijar suka ɗauka, to wannan rubutun, komai kyansa, bai amsa tambaya ba. Mai gyaran da bai ga umarnin ba zai iya goge jimloli su yi sumul, ɗalibar kuma ta faɗi.

Shi ya sa matakin farko shi ne a nemi takardar, ko da hotonta ne a waya. Kafin ta iso akwai abin da za a iya yi: gyara nahawu, raba dogayen jimloli, nuna sakin layin da ya haɗa batu biyu, da yin alama a duk inda aka kawo adadi ko ra'ayi ba tare da an faɗi mai shi ba. Amma sauya tsari, ko rage tsawo, ko canza matsayar marubuciya, duk sai an ga umarnin.

Sai batun na'ura. Manhajar Turnitin, wadda jami'o'i da yawa ke amfani da ita, ba hukuncin sata take yankewa ba. Tana gwada rubutun ne da shafukan intanet da mujallun ilimi da ayyukan ɗalibai na baya, ta fitar da kason da ya yi kama da wasu. Malami ne ke duba rahoton ya yanke hukunci. Rubutu mai kashi 30 cikin ɗari zai iya zama mai tsabta idan kamannin daga jerin madogara da maganganun da aka sa cikin alamar zance suka fito. Mai kashi 5 kuma zai iya zama sata tsagwaronta, idan an ɗauko tunanin wani an sauya masa kalmomi kawai.

Dalilin ƙin amincewa ke nan. Musanya kalma da 'yar'uwarta yana rage kaso, amma bai mayar da tunanin wani ya zama naka ba. Dabaru irin su cusa farin rubutun da ido ba ya gani, ko sa haruffan Rashanci masu kama da na boko, manhajar tana nuna su, kuma su ne ke tabbatar da cewa da gangan aka yi. Lokaci ma ba ya binne laifin. A shekarar 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, saboda kwafe-kwafe a kundinsa, har ya sauka daga muƙaminsa.

To me za a yi wa ɗalibar nan idan rahotonta ya nuna sakin layi uku da aka kwafo daga maƙala ɗaya? Ta karanta maƙalar har ta fahimta, ta rufe ta, ta rubuta abin da ta gane da bakinta, sannan ta buɗe ta gwada don tabbatar da ma'ana ba ta karkace ba. Ko da ta yi haka, dole ta sa sunan marubucin da shekara. Jimlar da take so ta bari yadda take, ta sa ta cikin alamar zance haɗe da lambar shafi. A salon APA, idan maganar ta kai kalma 40, ana ware ta a sakin layi nata. Bayan haka ta ƙara nata: shin abin da marubucin ya gani a wani yanki ya dace da yankin da take nazari?

Kason yakan sauka da kansa idan aka bi wannan hanya. Kuma ran da malami ya kira ta ofis ya ce ta yi masa bayanin shafi na uku, za ta iya.