Motar lantarki a garin da wuta ke zuwa ta ga dama

Wani aminina da ke da shago a Kantin Kwari ya yi wata guda yana kwana da littafi a gefen gado. Ba lissafin atamfa yake yi ba. Duk lokacin da fanka ta motsa cikin dare sai ya duba agogo ya rubuta, idan ta tsaya ya sake rubutawa. Ya kuma sayi wata 'yar na'ura da ake cusawa a soket, tana nuna ƙarfin wutar da aka kawo. Uwargidansa har ta fara tambayar ko lafiya. Lafiya lau: motar lantarki yake son saye, kuma wani mai wayarin ya gaya masa cewa kafin ya kalli mota, ya fara kallon bangon garejinsa.

Na ga hikimar wannan shawara. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, zancen motar da ba ta shan mai ya bar bakin 'yan boko ya shigo majalisar unguwa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas masu amfani da batir. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, lokacin Jelani Aliyu na shugabantarta, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Amma wurare irin wannan sai ka ƙirga su da yatsu, kuma mutumin Hotoro ba zai kai motarsa Sakkwato caji ba. Saboda haka a wurinmu gidan man motar lantarki shi ne gidan mai ita.

Duk wanda ya zauna a unguwar da famfo ke zuwa sau biyu a mako ya riga ya fahimci batir. Tanki ne. Ba sai ruwa na zuba kullum ba. Abin da ake bukata shi ne abin da ya shiga cikin mako ya fi abin da aka ɗiba, kuma tankin ya iya riƙe gida a ranakun da famfo ya ƙafe. Ma'aunin ma sananne ne, wato yunit ɗin nan da muke saye a mita. Ƙaramar motar lantarki tana cin kusan yunit 16 a kilomita 100 cikin gari. Aminina yana yin kilomita 40 a rana, kai yara makaranta, kasuwa, komawa gida, wato yunit 6 da 'yan kai. Wani abu yana salwanta a matsayin zafi yayin caji, don haka abin da mita za ta cire ya kai yunit 7 da rabi.

A farashin rukunin A, wanda aka ɗaga a Afrilun 2024, daga baya a shekarar ya koma wajen naira 210 kowane yunit, kuɗin tafiyar yini bai wuce naira 1,600 ba. Corolla ɗinsa, da cunkoso da iyakwandishan, tana shan lita 3 da rabi a wannan tafiya. Mu ɗauka lita naira 900 ce don sauƙin lissafi: sama da naira 3,000 ke nan. Rabin kuɗi ya tsira, kuma wanda ke ƙaramin rukuni yunit ɗinsa ya fi haka araha. To amma arahar wutar da ba ta zo ba, ba ta tuƙa mota.

A nan littafin ya yi ranarsa. Cikin dare 30, an kawo wuta a 21. Mafi tsawon lokacin da aka yi ba ita kwana uku ne a jere. Abin da ya ba shi mamaki shi ne na'urar soket. Da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna firji da talabijin da dutsen guga, sai ta nuna 170, alhali wutar da ta cika 230 ce. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare take haurawa 210. Ƙwan fitila zai haƙura da 170, amma cajar mota takan ja baya ko ta yanke gaba ɗaya idan wuta ta yi rauni ko tana rawa. Da ya cire awannin raunin, sai ya rage masa kusan awa huɗu masu kyau a kowane daren da aka kawo, awa 84 ke nan a wata.

Cajar da ke zuwa da mota, wadda ake cusawa a soket ɗin ɗaki, yawanci tana jan `10A`, kamar yadda ake gani a ɗan allonta. Wannan yunit 2 ne a awa, tafiyar kilomita 11 ko 12. Awa 84 sau 2, yunit 168. Shi kuwa kwana 26 na fita kasuwa suna bukatar 195. Tankin zai riƙa raguwa a hankali, har wata safiya ya tashi da yara sanye da kayan makaranta, mota ba ta da abin kai su.

Maganin bai kai tsadar da ya zata ba. Mai wayarin ya ce masa: “Alhaji, kada ka yi wasa da soket ɗin falo. An yi shi don guga ta minti ashirin, ba don jan wuta awa huɗu ba. Zai yi zafi, ya yi baƙi, wata rana ya kama.” Ya jawo masa waya mai kauri kai tsaye daga allon rarraba wuta zuwa gareji, da nata makatsin, da soket mai ɗaukar `16A`. Da wannan, awa guda tana ba da yunit 3 da kusan rabi, awa 84 ɗin nan kuwa su haura yunit 280. Lissafi ya fita, har da rara. Akwai cajar bango mai ba da yunit 7 a awa, amma ba kowace mita ko wayar da ta shigo gida ce za ta ɗauke ta ba, kuma a taransfomar da ke nishi da magariba, maƙwabta ne za su fara sanin ka saya.

Wani zai ce, ai ga janareta. Nan ne nake ganin mutane suka fi yaudarar kansu. Ƙaramin janaretan fetur, idan ya yi ƙoƙari, yunit 2 yake fitarwa daga lita guda. Yunit 7 da rabi na tafiyar yini za su ci kusan lita 4, fiye da abin da Corolla ta sha ta kai ka ta dawo da kai, ban da ƙara da hayaƙi da bakin mai. Wanda zai dogara da janareta ya sayi mota mai tsada ne don ya ƙona fetur ɗinsa a tsakar gida maimakon kan titi. A ajiye shi don ranar dole kawai, kuma ko ranar dolen ba kowace caja ke yarda da wutarsa ba.

Sola ta fi ma'ana, kuma Allah ya hore mana rana. A arewa, faranti huɗu masu wat 550 suna iya tara yunit 8 zuwa 9 a yini mai haske, daidai bukatar aminina. Matsalar ita ce rana tana aiki lokacin da motar take Kwari. Sai dai ka tara wutar a batirin gida ka juye mata da dare, batirin lithiyum mai yunit 10 kuwa da inbata mai ƙarfin ɗauka kuɗinsu miliyoyi ne. Sola ta fi dacewa da wanda motarsa ke yini a wuri guda da yake da iko da rufinsa, kamar mai makaranta, ko mai asibiti, ko mai masana'anta. Ga kuma ƙurar hunturu: farantin da ba a goge ba kullum raguwa yake.

Game da ita motar kanta, abu biyu zan tsaya a kai. Na farko bakin caji. Motocin da aka yi wa kasuwar Sin suna da baki irin `GB/T`, na Turai `Type 2` da `CCS2`, na Amurka kuma nasu daban. Caja ba ta shiga bakin da ba nata ba sai da mahaɗi, kuma mahaɗin caji mai sauri tsada gare shi. Na biyu lafiyar batir, musamman a motar hannu. Zafi ne babban makashinsa, mu kuwa watan Afrilu yakan haura digiri 40. Tsohuwar Nissan Leaf ba ta da ruwan sanyaya batir, shi ya sa take saurin tsufa a ƙasashe masu zafi. A allonta akwai ƙananan sanduna 12 da ke nuna lafiyar batirin. Wadda ta koma 8 ta yi asarar wajen kashi ɗaya cikin uku na tankinta, ko da fentinta na sheƙi. A kowace mota, kada ka yarda da kilomitar da allo ya ce ta rage. Ka cika ta, ka yi tafiyar da ka san tsawonta da iyakwandishan a kunne, ka ga kashi nawa ya sauka.

Aminina ya sayi wata ƙaramar motar Sin mai batirin yunit 45. Daren farko caja ta ƙi aiki, jar fitila kawai take ƙyaftawa, ga wuta lafiya lau. Ashe gidan gaba ɗaya ba shi da wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin, cajar kuwa an yi ta ne ta ƙi ba da wuta idan ba ta ji ƙasa ba, don kada jikin motar ya ja mutum. Washegari aka kafa sandar jan ƙarfe a gindin katanga aka haɗa, ta kama.

Batirin yana riƙe shi kwana biyar zuwa shida ba caji, saboda haka ɗaukewar kwana uku ba ta hana shi barci. Abin da bai manta ba shi ne Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako cikin duhu. Irin wannan ya fi ƙarfin tankinsa. Haka ma hanyar Kaduna: kilomita 230 ce, kuma a gudun babbar hanya da sanyi a kunne motar tana cin wajen yunit 20 a kilomita 100, wato batirin zai ƙare tun kafin ya ga gari. Ba a kawo wa motar lantarki galan a kan babur, kuma janta da igiya yana iya lalata injinta, sai dai a ɗora ta a bayan wata motar. Don haka bai sayar da Corolla ba. Da na tambaye shi ko hakan bai cinye ribar ba, sai ya yi dariya ya ce ya cinye wani ɓangare, kuma da mota ɗaya kaɗai zai iya riƙewa, da mai haɗa batir da fetur ya saya.

Da bazara ta kama, wutar unguwarsu ta ragu kamar yadda ta saba, awannin tsakar dare suka koma biyu. Yanzu ranakun Talata da Juma'a Corolla ce ke fita, ita kuma sabuwar ta yini a gareji da waya a baki, ko za a kawo da rana.