Labari ɗaya, kwanan wata biyar: yadda ake daidaita lokacin da aka kwaso daga intanet

A ce wata ɗaliba tana bincike kan yadda wani labari ya bazu a kafafen yaɗa labarai, tana son sanin wa ya fara buga shi. Ta rubuta ƙaramar manhaja da ke bin shafukan intanet tana kwaso kanun labari da lokacin da aka wallafa shi. Daga shafi biyar, ga abin da ta samu:

```
03/04/2024 23:30
04/03/2024 6:30 PM
3 avril 2024 à 23h30
4 Apr 2024, 04:00 IST
1712183400
```

Na farko daga Legas ne, na biyu daga New York, na uku daga Yamai, na huɗu daga Delhi, na ƙarshe kuma yana ɓoye ne a cikin rubutun da ke bayan shafi. Mai kallo zai ɗauka kwanaki daban-daban ne, alhali duka biyar ɗin minti guda suke nufi: ƙarfe 10:30 na daren 3 ga Afrilu, 2024, agogon UTC, wanda aka fi sani da GMT a gidajen rediyo. Aikin da ke gabanta shi ne ta sa kwamfuta ta gane haka.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi sunansa ISO 8601, an fara fitar da shi a 1988. Yana jera lokaci daga babba zuwa ƙarami: shekara, wata, rana, sa'a, minti, daƙiƙa. Misalinmu zai zama `2024-04-03T22:30:00Z`, harafin `Z` na ƙarshe yana nufin UTC. Amfanin wannan jeri shi ne ko an jera bayanan kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus, za su bi tsarin lokaci daidai.

Babban haɗarin yana cikin layi biyun farko. A Najeriya da Nijar da Birtaniya rana ake fara rubutawa sannan wata. A Amurka wata ke gaba. Saboda haka `04/03` a Kano 4 ga Maris ne, a New York kuwa 3 ga Afrilu. Babu wata alama a jikin lambobin da za ta raba gardama.

Akwai kayan aiki da ke ƙoƙarin yin canke. A harshen Python, wanda aka fi sani shi ne `dateutil`. In ba a gaya masa komai ba, yana ɗaukar lambar farko a matsayin wata. Amma idan ya ga `25/04/2024`, ya san babu wata na 25, sai ya juya da kansa ya karanta 25 ga Afrilu, ba tare da ya yi gargaɗi ba. Wannan sauƙin kai shi ke cutar mai bincike. Idan ɗalibarmu ta kwaso labaran watan Afrilu daga shafin Legas, duk kwanakin 13 zuwa 30 za su fito daidai. Kwanakin 1 zuwa 12 kuwa za su watse cikin shekara: 1 ga Afrilu ya koma 4 ga Janairu, 12 ga Afrilu ya koma 4 ga Disamba. A cikinsu 4 ga Afrilu kaɗai zai tsira. In ta duba layi goma da ido, mai yiwuwa duk ta faɗa kan masu kyau ta ci gaba da aikinta.

Ana iya gane wannan ɓarna. A ƙirga labaran da suka faɗa kowace rana: in aka ga farkon wata ya zama fayau, sannan kowane wata na shekara yana da tarin labarai a ranar 4, an juya rana da wata. Hanya ta biyu ita ce a gwada lokacin wallafa da lokacin da aka kwaso shafin. Labarin da aka kwaso a Mayu ba zai yiwu an buga shi a Disamba mai zuwa ba.

A ganina maganin guda ne: kowane shafi a rubuta masa dokarsa, kada a bar na'ura ta canka. A nemi kwanan da ya haura 12 a shafin don tabbatar da jerinsa, a gano garin da agogonsa yake bi, sannan a faɗa wa manhaja ƙarara:

```python
from datetime import datetime, timezone
from zoneinfo import ZoneInfo

s = "04/03/2024 6:30 PM"
t = datetime.strptime(s, "%m/%d/%Y %I:%M %p")
t = t.replace(tzinfo=ZoneInfo("America/New_York"))
print(t.astimezone(timezone.utc).isoformat())
```

Sakamakon shi ne `2024-04-03T22:30:00+00:00`. Kyawun `strptime` shi ne in shafin ya sauya salon rubutu, manhajar za ta tsaya ta nuna kuskure. Gara ta tsaya a gyara da ta cika ma'ajiya da kwanakin ƙarya.

A lura an rubuta `America/New_York`, ba a ce kawai a ƙara sa'a biyar ba. Mu a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonmu na gaban UTC da sa'a ɗaya duk shekara, Ghana kuma tana daidai da shi, don haka muna saurin manta cewa wasu ƙasashe na matsar da nasu. New York na bayan UTC da sa'a biyar a lokacin sanyi, amma daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba sa'a huɗu ce. A Landan, ranar 31 ga Maris, 2024, babu ƙarfe 1:30 na dare ko kaɗan, domin agogo ya tsallake daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Ranar 27 ga Oktoba kuma ƙarfe 1:30 ya zo sau biyu. Kundin lokutan duniya da IANA ke kula da shi yana riƙe da irin wannan tarihi, har da komawar Sudan daga sa'a uku zuwa biyu a gaban UTC a Nuwamban 2017. Sunan gari ne ke buɗe wannan kundi.

Gajerun haruffa ma ba abin dogaro ba ne. `IST` na iya zama agogon Indiya, mai gaban UTC da sa'a biyar da rabi, ko na Isra'ila, ko na Ailan. Sanin cewa shafin na Delhi ne ya sa muka iya cire sa'a biyar da rabi daga ƙarfe 4 na asubahin 4 ga Afrilu, muka dawo daren 3 ga wata.

Sauran biyun ba su da wuya. Na Faransanci yana buƙatar jerin sunayen watanni, kuma shafin Hausa ma haka, tare da tanadin cewa wani zai rubuta Afrilu wani Afirilu. Doguwar lambar kuwa adadin daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu, 1970, agogon UTC. In ta zo da lamba 13 maimakon 10, sai an raba ta da dubu.

Akwai tarkon da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Shafi zai rubuta rana kawai babu sa'a, manhaja ta cike gurbin da ƙarfe 12 na dare. In aka mayar da wannan daga agogon Legas zuwa UTC, sai ya zama ƙarfe 11 na daren jiya, labarin ya koma ranar da ba tasa ba. Abin da ya zo a matsayin rana a ajiye shi rana, `2024-04-03`, kada a ƙirƙira masa sa'a. Haka rubutu irin "sa'o'i uku da suka wuce" ba ya da ma'ana sai an san lokacin da aka kwaso shafin, kuma ko da an sani, kintace ne. Kafin a dogara da shi a leƙa bayan shafin, domin da yawa suna ajiye cikakken lokaci a cikin `<time datetime="...">` ko `datePublished`.

Don haka ɗalibarmu za ta ajiye abu huɗu ga kowane labari: rubutun yadda ta same shi, lokacin da ta kwaso shi, yankin agogon da ta ɗauka, da sakamakon UTC. In ta gano daga baya cewa wani shafi agogon Landan yake bi ba na Legas ba, za ta gyara doka ɗaya ta sake lissafi daga rubutun asali, ko da shafin ya riga ya goge labarin.