Kapasita ɗaya, rizista ɗaya: yadda lissafi ke gano sautin da zai wuce

A mashigar amfilifaya akan sami kapasita a jere da rizista. Aikinsu su tare wutar da ba ta kaɗawa, irin ta batir, su bar sauti ya wuce. Amma daga wane sauti suke fara buɗe hanya? Injiniya na iya sanin amsar a takarda kafin ya taɓa waya.

Dabarar ta samo asali daga lissafin da ke ɗauke da sunan Laplace, masanin Faransa. Kowane ɓangare ana rubuta turjiyar da yake yi wa wuta, wadda ake kira imfidans, da harafin s. Ta rizista R ce, ta kapasita 1/(sC), ta kwayil kuwa sL. Sharaɗi shi ne a ɗauka babu cajin da ya saura a kapasita tun farko.

Mu ɗauki kapasita mai 1 µF da rizista mai 10 kΩ, muna ɗibar sauti a kan rizistar. Da yake a jere suke, suna raba boltej kamar abokan kasuwanci, kowa gwargwadon jarinsa. Kason rizista shi ne abin da ya fita idan an gwada shi da abin da ya shiga:

H(s) = R / (R + 1/(sC)) = sRC / (1 + sRC)

A nan RC = 0.01, don haka H(s) = s / (s + 100).

Yanzu a dubi sama da ƙasa. Duk s ɗin da ya mayar da sama sifiri, shi ne ziro. A nan s = 0 ne, ma'ana wutar da ba ta kaɗawa ba za ta wuce ba sam. Wanda ya mayar da ƙasa sifiri kuwa shi ne fol, wato s = −100. Alamar ragi tana nuna duk wata girgiza za ta lafa da kanta.

Wurin da ɗalibai ke tuntuɓe shi ne ɗaukar 100 ɗin a matsayin Hz. Sai an raba shi da 2π, a sami kusan 16 Hz. A nan ne kashi 71 cikin ɗari na boltej ke wucewa. Tunda kunnen mutum yana fara ji daga wajen 20 Hz, zaɓin ya yi daidai.

Fol ɗin kuma yana matsawa. Idan aka jona wani mataki mai 10 kΩ a kafaɗa da rizistar, R ta koma 5 kΩ, fol ya koma −200, wato 32 Hz. Idan kuma kapasita ta bushe ta ragu zuwa 0.1 µF, fol zai kai −1000, kusan 159 Hz. Nan take amon ganga mai kauri ya dusashe, sautin ya sirance. Mai gyaran da ya san wannan zai fara auna kapasitar kafin ya zargi lasifika.